Taƙaitaccen Bayanin Babin Ra'ayoyin Koyo da Yadda Za Ku Yi Aiki da Su a Aji

Wannan takarda taku ce, ku ɗaliban koyon aikin malanta da za ku fita koyarwar gwaji a makarantun firamare na Agege da Idi-Araba a wannan zango. Ta taƙaita babin ra'ayoyin koyo da muka karanta tare, sai dai ban bi jerin babin sau da ƙafa ba, domin na daɗe a inda nake ganin za ku fi buƙata, na kuma wuce da sauri a inda amfaninsa bai wuce na jarrabawa ba. Abin da nake so ya zauna muku shi ne kowane ra'ayi a cikin babin amsa ce ga tambaya guda, wato me ya sa wannan yaron bai koyi abin da aka koya masa ba, kuma me malami zai sauya gobe.

Babin ya fara da masu lura da ɗabi'a. Pavlov, masani ɗan ƙasar Rasha, ya nuna cewa kare yana fara dalalar da yawu da zarar ya ji alamar da ya saba ji kafin abinci, ko da abincin bai iso ba. Thorndike, a gwajin da ya yi da kyanwoyi a 1898, ya gano cewa aikin da ya haifar da sakamako mai daɗi shi ake maimaitawa, kuma Skinner ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tantabaru. Ba a ce yaro dabba ba ne, amma darasin ya shafe shi ƙwarai. Yaron da aka dake shi ko aka yi masa dariya a duk darasin lissafi, gabansa zai riƙa faɗuwa tun malami bai gama rubuta kwanan wata a allo ba, kuma tsoron nan yakan bi shi shekaru. Saboda haka ku yaba da wuri, ku kuma faɗi takamaiman abin da kuka yaba. “Madalla” kaɗai ba ta koya wa Hadiza komai ba, amma idan kuka ce “Madalla, kin jera lambobinki ɗaya a ƙarƙashin ɗaya kafin ki tara”, ita da na kusa da ita sun san abin da za su sake yi. Skinner da kansa ya yi nuni da cewa horo yana danne ɗabi'a na ɗan lokaci ne, ba ya koyar da wadda ta dace. Bulala tana iya kawo shiru, amma ba ta taɓa nuna wa yaro yadda ake raba 84 gida 4 ba. Wannan ra'ayi ya fi amfani wajen kafa tsarin aji, kamar shiga da fita da karɓar littattafai da ɗaga hannu, don haka ku ba waɗannan makonku na farko.

Sashen da ya fi cancantar lokacinku shi ne na masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa take karɓa da adanawa. A 1956 George Miller ya kiyasta cewa mutum yana iya riƙe abubuwa kusan 7 a ransa a lokaci guda, binciken da ya biyo baya kuma ya rage adadin zuwa kusan 4. Ku auna wannan da abin da sabon malami yakan yi: ya ce a buɗe shafi kaza, a ja layi, a rubuta kwanan wata, a amsa tambayoyi uku na farko, a bar na huɗu, duka a numfashi ɗaya, sa'an nan ya yi fushi don rabin aji sun rikice. A nan Legas nauyin ninki ne, domin yaron da yake Hausa a gida, yake jin Yarabanci da Turancin kasuwa a unguwa, yake kuma karatu da Turanci, wani ɓangare na hankalinsa yana kan fassara tun kafin ya kai ga darasin. Ku ba da umarni ɗaya, ku jira a aikata, kana ku ba da na gaba. Ku yi misali a allo mataki bayan mataki, ku bar shi a rubuce har yara su gama nasu, kuma ku warware sababbin kalmomi biyu ko uku kafin ku shiga cikin darasi. Idan kalmar Hausa guda za ta buɗe wa yaro ma'ana, ku faɗe ta ku koma harshen koyarwa, amma ku tuna akwai yaran Yarabawa da na wasu ƙabilu a ajin, kuma haƙƙinsu a kanku daidai yake da na sauran.

Tun a 1885 Ebbinghaus, Bajamushe, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya ƙara da cewa ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi sake karanta shi sa ya zauna. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace, domin ba a wanke allo sai an biya, kuma karatun baya ba ya tsayawa sai da tilawa. Ga abin da nake so in gani a tsarin darasin kowannenku: minti 5 na farko a rufe littattafai, a yi tambayoyi uku, ɗaya daga jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan da ya wuce. A nan ina da ɗan saɓani da babin, wanda ya yi maganar hadda kamar abar kunya ce. Yaron da ya haddace jadawalin ninkawa ya samu sararin tunani a kan matsalar da ke gabansa. Laifi yana ga haddar da ba a taɓa bayyana ma'anarta ba.

Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya kasa girman tunanin yaro mataki huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai kuma daga nan zuwa sama. Ku riƙe sunayen matakan saboda jarrabawa, amma kada ku ɗauki shekarun nan kamar katanga, domin masu bincike na baya sun nuna cewa yara ƙanana suna iya fiye da abin da ya zata idan aka yi musu tambaya ta hanyar da suka saba. Abin da ya shafe ku shi ne yawancin yaranku suna mataki na uku, inda tunani yake tafiya daidai matuƙar akwai abin gani da taɓawa. Bruner ya ba da jerin da ya dace da wannan: a fara da abu a hannu, a koma zane, a ƙare da alama. Kafin ku rubuta ½ da ¼ a allo, ku raba takarda kowa ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya ga da idonsa cewa kwata bai kai rabi ba duk da cewa 4 ta fi 2. Marafan kwalba da tsinken tsintsiya da kwalayen ashana sun ishe ku kayan aiki, kuma yara za su kawo su idan kuka nema.

Ausubel ya ce a 1968 abin da ya fi tasiri a kan koyo shi ne abin da mai koyo ya riga ya sani, don haka a bincika shi a koyar daidai da shi. Ina roƙonku ku ɗauki wannan da gaske. Yarinyar da take taya mahaifiyarta sayar da abinci a bakin kasuwa tana ba da canjin naira 150 daga 500 ba tare da ta tsaya tunani ba, amma sai ta kasa cire 350 daga 500 a takarda, a rubuta mata sifili, a ce ba ta iya lissafi ba. Ta iya, abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake rubuta shi. Ku tambaye ta yadda ta yi, za ku ji ta ƙirga daga 350 zuwa 400 zuwa 500, kuma daga nan ne darasin ɗebewa ya kamata ya tashi.

Vygotsky, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya raba tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya tallafa masa, ya ce koyarwa tana yin amfani ne a tsakanin biyun. Aikin da ya yi sauƙi ɓata lokaci ne, wanda ya yi tsauri kuma karya gwiwa yake yi. Daga baya, a 1976, Wood da Bruner da Ross suka bayyana yadda ake ba da tallafin a kuma janye shi sannu a hankali. A aikace, malami ya yi misali yana faɗin tunaninsa a fili, sai a yi na biyu tare, sai yara su yi na uku biyu-biyu, sai kowa ya yi na huɗu shi kaɗai. Matakin ƙarshen nan shi sababbin malamai suka fi tsallakewa, alhali shi kaɗai yake nuna an koya. A aji mai yara 60 ba za ku iya zama da kowa ba, don haka ku haɗa mai ɗan ƙarfi da mai rauni, da sharaɗin mai rauni ne zai riƙe fensir, abokinsa kuma baki kawai zai sa.

Sauran babin a taƙaice. Gwajin Bandura na 1961 ya nuna cewa yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana sun kwaikwaye shi ba tare da an umarce su ba, saboda haka yadda kuke magana da mai shara da yadda kuke karɓar gyara idan kun yi kuskure a allo duk darasi ne. Maslow, a 1943, ya sa abinci da kwanciyar hankali a matsayin tushen buƙatun ɗan Adam. Ba a tabbatar da cewa buƙatun suna bin jerinsa daki-daki ba, amma yaron da yake gyangyaɗi da ƙarfe tara ya cancanci a tambaye shi a keɓe ko ya karya kumallo kafin a kira shi malalaci. Batun raba yara zuwa masu koyo da ido da masu koyo da kunne kuwa, bitar bincike da Pashler da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ba ta samu hujjar da za ta sa a gina koyarwa a kansa ba. Ku bar darasin ya zaɓi hanyarsa: taswira gani take so, furuci kuma ji.

Abu na ƙarshe shi ne tambayar “Kun gane?” Yaro mai tarbiyya ba zai ce wa malaminsa a'a ba, don haka amsar “Eh, Malam” ladabi ce, ba shaida ba. A maimakonta ku ba da tambaya guda kowa ya rubuta amsa ya ɗaga, ko ku kira suna bayan kun yi tambaya kun ɗan jira, kada ku tsaya ga masu ɗaga hannu na layin gaba.

Ranar Litinin kowa ya zo da tsarin darasi ɗaya na minti 40 a kan fannin da aka ba shi. A gefen kowane mataki ku rubuta ra'ayin da kuka dogara da shi da dalilinku a jimla ɗaya, ku nuna tambayoyin bita uku na farko, kayan da yara za su taɓa, da aikin da kowane yaro zai yi shi kaɗai kafin a tashi. Za mu gwada darussan a tsakaninmu, mutum biyar a kowane rukuni, kafin a raba ku makarantu.