Zuwa ga iyayen yaran aji shida, kan maganar kwaman entiras

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, ya gida ya aikin gona. Na rubuto ne saboda tun da muka yi rijistar yaran nan jarabawar shiga sakandiren gwamnatin tarayya, wadda NECO ke shiryawa, ake ta tare ni a masallaci ana tambaya wai wace takarda ce yara ke dawowa gida suna cewa ba ta cikin littafi.

To gaskiyarsu ne. Bayan lissafi da Turanci da kimiyya akwai takardar gwajin basira, kashi na kalmomi su ce babal, na lambobi kuma kwantitetib. Wannan ba a haddace ta, so ake a ga ko yaro zai iya gano ƙa'ida da kansa. Misali a jera masa akuya, tunkiya, saniya, gero, a ce wanne ne bare. Ko a zana akwati a nuna 2 da 2 sun ba da 4, a na biyu 3 da 4 sun ba da 12, sai a ce to 6 da 3 fa? Mai gaggawa yana ganin na farko zai ce ai tarawa ne ya rubuta 9, alhali da ya duba na biyun zai ga sau ne, amsa 18. Wallahi a gwajin da muka yi musu nan ne har masu ƙoƙarin aji suka zube, ba don ba su iya ba, garaje ne kawai. Kuma tambayoyin duka da Turanci suke zuwa, wannan ɓangaren mu malamai mun ɗauka.

Naku kuwa ko wanda bai yi boko ba zai iya. In za ku kasuwar Shuwarin ku bar yaro ya lissafa canji da ka, kuma in ya faɗa kar a tsaya nan, a ce yaya aka yi ka samu? Iyaye mata a dawo da kacici-kacici bayan isha'i, 'yan dara ku zaunar da su ku buga tare.

Mun sa darasi Alhamis bayan la'asar tunda ba Islamiyya, ba ko sisi. Don Allah ranar a ɗaga musu talla da kiwo, musamman 'yan matan, don su ne suka fi fashi kuma muna sa ran wasu su samu sakandiren tarayya ta Kazaure ko ta Minjibir, mazan kuma ta Kiyawa.

A saya wa kowa fensir HB biyu da magogi, amsar cike ɗan gurbi ake yi a takarda inji ya duba, biro ba ya yi. Mai tambaya ya same ni a ofis bayan an tashi.

Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.

Naku,
Hedimasta