Neman aikin mai kula da siton magunguna

Zuwa ga: Manajan ɗaukar ma'aikata
Batu: Neman aiki: Mai kula da sito (SK-07), Hadiza Umar, shekara 5 a siton magunguna
Abin da aka haɗo: Hadiza-Umar-CV.pdf

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Sunana Hadiza Umar. Na ga sanarwarku ta neman mai kula da sito, mai lamba SK-07, shi ne na rubuto ina neman wannan gurbi.

Shekara 5 ke nan siton wani kamfanin rarraba magunguna yana hannuna. Ni ke karɓar kaya, in duba lambar rukuni da ranar lalacewar kowane kwali kafin in sa hannu, ni kuma ke fitar da su. Ƙa'idata ɗaya ce: maganin da zai riga lalacewa shi ke fara fita, ko da jiya ya iso. Duk kwalin da ya rage masa wata 6 nakan manna masa jar takarda in jawo shi bakin kanta, yadda ko ba na nan mai ɗauka ba zai tsallake shi ba. Ƙidayar ƙarshen wata kuwa da hannu nake yin ta, kwali bayan kwali, sannan in gwada da abin da ke cikin Excel.

A sanarwar kun jaddada kayan sanyi, kuma nan ne na fi ba wa zuciyata. Insulin da yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka safe da yamma nake rubuta abin da ma'aunin firji ya nuna. Akwai ranar da firjinmu ya tsaya da rana tsaka, ma'auni ya kai 7. Na kwashe kayan zuwa akwatunan sanyi, amma sai da na bar ƙanƙarar ta fara narkewa tukuna, domin insulin in ya daskare ya tashi aiki. Ko kwalba ɗaya ba mu zubar ba. A bayan kowace kwalba akwai mara lafiyan da ke jiran ta, shi ya sa ba na wasa da wannan ɓangare.

Manhajar lissafin kaya da kuka ambata ban taɓa aiki da ita ba, gara in faɗa tun yanzu. A shirye nake in koye ta kafin ranar fara aiki.

Na haɗo takardar tarihin karatuna da aikina, shafi 2. Lambar wayata tana samanta, sunayen mutum 2 da za su ba da shaida a kaina suna ƙarshe. Ina iya zuwa ganawa kowace rana in an sanar da ni kwana ɗaya kafin nan. In kun ɗauke ni, zan buƙaci wata 1 in miƙa siton da ke hannuna yadda ya kamata.

Na gode ƙwarai. A huta lafiya.

Hadiza Umar