Baban Hamdiya, karanta wannan kafin ka kwanta

Salamu alaikum Baban Hamdiya. Yanzu ƙarfe 1 na dare ya wuce, na leƙo ta taga na gan ka zaune kai kaɗai ƙarƙashin kanofi bayan kowa ya watse, kuma ba zan iya fitowa ba saboda su Gwaggo sun kwanta a bakin ƙofa, shi ya sa na ce bari in rubuto maka. Ba sai ka ba ni amsa ba wallahi, ka karanta kawai.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Mma, ya sa kabarinta ya zama dausayin aljanna.

Tun jiya na ji ka faɗa wa Kawu har sau 2 wai da ka bar Accra tun ranar Talata da ka same ta da rai. Maganar nan ce ta hana ni barci. Ni ce nake wajenta a asibitin Gee, ni na riƙe hannunta, don haka bari in gaya maka yadda abin ya faru. Da safe ta tambaye ni ina kake, na ce ka shiga bas a Circle kana hanya, ta ce Allah ya kawo shi lafiya, kar ki ce masa ya yi sauri. Haka ta faɗa, ban ƙara ko harafi ba. Lokacin da ka kira daga Nkawkaw na sa mata wayar a kunne, ba ta iya magana amma ta ji muryarka, na ga yadda ta motsa leɓe. Daga nan kalmar shahada ce a bakinta har ta cika. Ba ta tafi da fushinka ba ko kaɗan. Kuma wa ya kai ta asibiti duk watannin nan, wa yake turo momo na magani tun kafin a tambaya, wa ya sauka cikin kabari a Tafo ya karɓe ta da hannunsa? Kai ne fa.

Abu na biyu, kuka. Kowa ya zo sai ya ce maka yi haƙuri kai ne babba kar ƙannenka su ga hawayenka, na san da alheri suke faɗa, amma Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To kai ma uwa ka rasa. In kukan ya zo ka shiga ɗakin baya, na share shi na ajiye mabuɗin ƙarƙashin buta, babu wanda zai shigo maka, in kana so in zo in zauna kusa da kai ba tare da na ce uffan ba sai ka filashe ni sau ɗaya.

Hidimar addu'ar uku kuma ka cire ta daga kanka. Na biya kuɗin kanofi da kujeru har zuwa bakwai daga adashina, kar ka ce min komai a kan wannan. Maƙwabta na Aboabo sun ce su za su dafa wake da shinkafa, Anti Rabi za ta yi masa, ƙanina zai ɗauko 'yan Tamale a tasha. Na kira mastanka na gaya masa, ya ce ka zauna har bayan bakwai. Yara suna Asawase wajen mamata, Hamdiya ta tambayi kakarta na gaya mata gaskiya daidai hankalinta, ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a.

Alhaji ne nake so ka duba gobe. Shekara 41 suna tare da Mma, yau ko shayi bai sha ba, kuma ba ya jin maganar kowa sai taka. Ku zauna ku ci tare, da haka kai ma wani abu zai shiga cikinka, don na san rabonka da abinci tun a mota kuma ka san olsarka. Akwai koko da zafinsa a filas kan benci bayanka, da ƙose guda 4 da maganinka a leda. Ko rabin kofi ne ka sha don Allah.

Na san kwanakin nan da sauƙi tunda gida cike yake da mutane, wahalar tana zuwa ne ranar Juma'a da yamma, lokacin da ka saba kiranta, ka ɗauki waya ka tuna. Ranar ka kira ni, ko ina tsakiyar ciniki a Kejetia zan ɗauka, ka ba ni labarinta ko wanda na ji sau 10 ne ina so in sake ji. Ni ma shekara 9 ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

Sanyi ya sauko, na ba Sadiku bargo ya kawo maka. Zan tashe ka da asuba.