Wasiƙa zuwa ga Alhaji kan yoyon rufin gidan haya

Gujungu, Ƙaramar Hukumar Taura,
Jihar Jigawa.
Litinin, 4 ga Agusta, 2025.

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da su Hajiya da yara baki ɗaya. Yaya kasuwa, yaya damina a Kano? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa dukiya albarka, amin.

Dalilin wannan takarda shi ne rufin gidanka da nake haya a ciki. Yoyon da na gaya maka da babbar sallah, lokacin da ka zo gida, ya wuce inda ka san shi. A ranar ka ce in ƙara haƙuri, za ka turo kafinta bayan ka koma. Na san hidima ta yi maka yawa, shi ya sa ban matsa ba. To yanzu ga Agusta ta kama, ruwa ba ya ɗaga ƙafa, ni kuma haƙurina ba zai tare ruwa daga shiga bango ba. Na zaɓi in rubuta ne maimakon waya domin maganar ta zauna a hannunka, ka karanta a natse, ka kuma san ainihin abin da nake roƙo da lokacin da nake roƙon a yi shi.

Abin ya samo asali ne daga iskar da aka yi a farkon damina. Ta ɗaga kwanon ɗakin da ke gabas, wato ɗakin da maiɗakina da yara ke kwana, ta zare ƙusoshi daga jikin katako. Ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka wannan ɓangaren ne ke fara karɓar duka. Da farko ɗigo ne a wuri ɗaya, kwano guda ya ishe shi. Yanzu idan an yi ruwan dare sai an jera bokiti da baho da tukunyar tuwo, a naɗe katifa a jingine ta a kusurwar da ta rage a bushe, uwar yara ta zauna da ƙaramin a cinya har ruwan ya tsagaita. Silin ya yi ciki ya yi baƙi, ɓangare ɗaya ya riga ya rufto ranar Alhamis da ta wuce. Allah ya taƙaita, babu kowa a ƙarƙashinsa.

Mun yi iya namu. Na sa an hau an danne kwanon da bulo da tsohuwar taya, an liƙe ramukan da kwalta, an shimfiɗa leda ta ciki. Kwaltar takan riƙe kwana biyu, da rana ta gasa kwanon sai ta tsage, ruwa ya koma hanyarsa. Na kwashe buhunan geron da suka rage mana na kai gidan maƙwabci, amma kafin nan buhu ɗaya ya sha ruwa ya yi tsiro. Ban kawo wannan don in nemi diyya ba, na yafe shi. Na faɗa ne don ka san inda abin ya kai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bangon. Gidan nan ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Tunda kwanon ya goce daga kan katangar, ruwan yana sauka ne a tsakiyar kanta, yana bi ta bayan simintin yana jiƙa tubalin ta ciki. Daga waje sai ka ga bango lafiya ƙalau, amma idan ka ƙwanƙwasa shi da hannu sai ka ji yana amo, alamar shafen ya rabu da ƙasar. Akwai tsaga da ta taso daga saman taga ta gangaro kusan kamu biyu, kuma yatsana yana shiga cikinta. Ƙasan bangon ta cikin ɗaki kullum a jiƙe yake, ko an yi kwanaki ana rana. Baba Alhaji, kai ɗan ƙasar nan ne, ba sai na gaya maka yadda ginin ƙasa yake faɗuwa ba. Ba ya ba da sanarwa. Yakan sha ruwan marka a hankali, ranar da ya ƙoshi sai ya zauna gaba ɗaya, sau da yawa kuma cikin dare. Duk mun ga abin da ya faru a Jigawa a daminar 2022, yadda gidaje suka yi ta rushewa a ƙasar Ringim da Haɗeja, har aka rasa rayuka. Da wannan tunanin nake kwana duk daren da na ji iska ta fara kaɗa dalbejiyar ƙofar gida.

Don kada in zo maka da kuka kawai, na kira Ɗanladi kafinta, wanda ya yi maka rufin shagon bakin hanya, ya hau ya duba da idonsa. Ya ce ba sai an yaye rufin duka ba. Falle takwas ne suka lalace, wasu tsatsa ta cinye su, wasu ramukan ƙusa sun buɗe har ba za su ƙara riƙewa ba. Katako shida gara ta ci, shi ya sa ko an buga sabuwar ƙusa ba ta kamawa. Ya ba da shawarar a sa ƙusa mai hula, a shafa wa sabon katakon baƙin mai saboda gara, a kuma fito da bakin kwanon ya ɗan wuce bangon yadda ruwa zai riƙa zuba nesa da gindinsa. Bayan nan magini ya cike tsagar ya mayar da shafen.

Ga lissafin da ya yi mini, kuma na rubuta shi a gabansa. Kwano falle takwas N28,000, katako shida N12,000, ƙusa N5,000, siminti buhu ɗaya N10,000, baƙin mai N1,000, dako N2,000, ladan kafinta da magini N12,000. Jimla N70,000. Silin ban sa shi a ciki ba, wannan zai iya jira har kaka. Ya ce aikin yini ɗaya ne idan an samu sararin rana, na maginin kuma washegari. Idan kana da wani kafintan da ka fi amincewa da shi, ko kana ganin za ka samu kayan da sauƙi a Kano, wannan duk naka ne, ba ni da ta cewa. Gyaran kawai nake nema.

Game da wanda gyaran ya rataya a wuyansa, ina ganin babu saɓani a tsakaninmu. Ranar da na karɓi makulli, a gaban Mai Unguwa da ƙaninka Malam Sabo, mun yi magana cewa ƙananan abubuwa irin su kwaɗo da sakata da yashe magudana nawa ne, rufi da bango kuwa naka ne. Na tsaya a kan nawa. Kuɗin hayar bana, N90,000, na biya su cif a watan Janairu, kuma rasit yana hannuna. Tun da na shigo gidan nan ba ka taɓa aiko mini da tuni kan kuɗi ba, ni ma ban so a ce sai na yi ta aika maka da tuni kan rufi ba.

Saboda haka ina roƙon a kammala gyaran nan kafin ranar Juma'a, 15 ga Agusta. Hanya biyu nake gani, ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi. Ko dai ka turo kuɗin ta hannun Malam Sabo, ya sayi kayan ya tsaya a kan aikin, ko kuma ka ba ni izini in nemo kuɗin in yi, in ajiye rasit na kowane abu, a cire daga hayar baɗi. Ta biyun za ta takura ni, don albashin malamin firamare ka san yadda yake, sai na sayar da tunkiyar maiɗakina kafin kuɗin su cika. Duk da haka na yarda da ita idan ita ce za ta sa a yi aikin a kan lokaci. Abin da ba zan yi ba shi ne in taɓa rufin gidanka da irin wannan babban aiki ba tare da ka ce in yi ba.

Ina buƙatar amsarka kafin daren Asabar, 9 ga wata, domin Lahadi ce kasuwar Gujungu, ranar ce za a fi samun kwano da katako a kusa ba tare da an biya kuɗin mota mai yawa ba. Yanzu muna hutun makaranta, ina gida, zan iya tsayawa tare da masu aikin daga safe har yamma.

Idan ranar 15 ga wata ta wuce ba a yi komai ba, wajibi ne in fitar da iyalina daga ɗakin, in nemi Mai Unguwa da Malam Sabo mu zauna a kan sauran watannin da na riga na biya. Ba barazana nake yi ba, Allah ya sani. Na faɗa ne tun yanzu domin kada ka ji daga bakin wani, ka ce ban sanar da kai ba. Ba na son barin gidan nan. Maƙwabta sun riƙe mu da mutunci, makaranta tana kusa, kai ma ba mu taɓa ganin wulaƙanci daga gare ka ba. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. N70,000 a yau ta fi sauƙi a kan tayar da sabon bango da sabon rufi bayan damina, kuma gidan naka ne, kai da 'ya'yanka za ku ci moriyarsa bayan mun tashi.

Na ba Malam Sabo kwafin wannan takarda, shi ma ya shigo ya ga tsagar da idonsa jiya bayan la'asar. Hotunan rufin da na bangon suna cikin wayarsa, zai turo maka. Idan ka fi son mu yi magana baki da baki, ka kira ni ta wayarsa ko tawa a kowane lokaci, ko da dare ne.

Idan akwai kalmar da ta yi kaushi a cikin takardar nan, ka gafarce ni, damuwa ce ta uba a kan 'ya'yansa. A gaida su Hajiya da kyau. Maiɗakina tana gaisuwa, yara ma suna gaida Baba.

Wassalam.

Ɗanka,
Malam Habibu,
mai haya a gidanka na bayan masallacin Juma'a.