Ƙa'idojin Shago Yayin da Alhaji Yake Umara

Na tsawon mako biyun da Alhaji zai yi, makulli da akwatin kuɗi suna hannun babban yaron shago. Sauran biyu su tsaya kan awo da miƙa kaya.

A buɗe da ƙarfe bakwai da rabi. Kafin a sallami kowa, a ƙirga canjin da aka kwana da shi, naira dubu 15, a rubuta a littafin ciniki.

Maganar taransifa ita ce ta fi muhimmanci, domin nan ne kuɗi ke zurarewa. Kada kaya su fita saboda mai saye ya nuna rasit a wayarsa, ko don saƙon tes ya shigo. Duka biyun ana ƙirƙirar su. A buɗe manhajar banki a wayar shago, a ga kuɗin sun shiga, a duba sunan mai turowa da adadin kuɗin. Idan sabis ya tsaya, a ɗaure kayan a ajiye gefe har kuɗin su shigo, ko da mai sayen babban mutum ne. A ba shi haƙuri, a ce umarnin maigida ne. Idan POS ta nuna ba ta yi ba amma an cire masa kuɗi, a ba shi takardar da ta fito ya kai bankinsa. Ba a biyansa daga akwati.

Bashi kuwa, sai mutum takwas ɗin da sunansu ke shafin farko na littafin bashi, kuma kada na kowa ya wuce naira dubu 20. A rubuta nan take, a gabansa.

Idan shinkafa ta rage buhu biyar, ko man gyaɗa jarka uku, a kira dilanmu na kasuwar Singa. Kaya sun iso, a ƙirga kwali ɗaya bayan ɗaya kafin a sa hannu. Sabo ya koma baya, tsoho ya dawo gaba, musamman madara da taliya. Buhun sukari da na fulawa a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango: danshi na sa su dunƙule.

In an ɗauke wuta ya kai awa uku, a tayar da janareta saboda firiza. A duba baƙin mai tukuna, a fito da janaretan waje, kuma ba a zuba fetur yana aiki.

Masu karɓar haraji in sun zo, ba rasit, ba biya.

Ranar Juma'a a rufe daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi. Kullum da tara na dare mutum biyu su haɗa lissafi: tsaba, POS da taransifa, kowanne a layinsa. Giɓi ko na naira ɗari ne a rubuta shi, kada wani ya cike daga aljihunsa. A ɗauki hoton shafin a tura wa Alhaji, a kashe komai ban da firiza, a sa kwaɗo biyu.