Abin da za ki faɗa a ajin Tarihin Hausawa ranar Talata

Rukayya,

Na karanta takardar da Malam ya raba muku a kan Sarauniya Amina, duka shafi tara. Ga abin da na tsamo miki. Kada ki ce sai kin faɗe su duka. Ko ɗaya kika faɗa, Malam ya ji muryarki ya sa miki makin tattaunawa, buƙata ta biya. Na rubuta maganganun yadda za su fito daga bakinki, amma in wata kalma ta yi miki nauyi ki sauya ta da taki.

Ki fara riƙe gundarin takardar, don in Malam ya nuna ki ba shiri ya ce "me kika fahimta?", ki sami abin cewa: takardar tana nuna cewa sunan Amina ya game ƙasar Hausa, amma abin da aka rubuta a kanta kaɗan ne, kuma ɗan abin da aka rubuta ɗin ma bai dace da juna ba. Duk sauran shafukan wannan suke warwarewa.

Maganar farko: yaushe ta rayu? (shafi na 3 da na 4)

Wannan ce nake so ki buɗe baki da ita, domin tana da lambobi, kuma mai riƙe da lamba ba ya kame-kame. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1421 zuwa 1438. Labarin da ake bayarwa a nan Zazzau kuwa ya ce ita 'yar Bakwa Turunku ce, ana kuma sa sarautar Bakwa a wajen 1536, ita Amina a ce ta hau a 1576. Ki duba tazarar da kyau, ta haura shekara ɗari. Ga yadda za ki ce:

"Malam, a shafi na 3 an ce ta yi zamani da Sarkin Kano Dauda, a shafi na 4 kuma an ce ta hau mulki a 1576. Tsakaninsu akwai fiye da shekara ɗari. Wanne masana tarihi suka fi karɓa, kuma da wace hujja?"

Kin ga tambaya ce, ba wanda zai ce kin yi kuskure. Kuma tana nuna kin karanta har kin gwama shafi da shafi, abin da rabin ajin ba za su yi ba. Malamai suna son irin wannan tambayar ƙwarai.

Zai iya mayar miki da ita ya ce, "To ke me kika gani?" Kada gabanki ya faɗi, alama ce ya ji daɗin tambayar. Ki ce masa a ganinki akwai hanya biyu: ko dai masu riƙon labari da baki sun matsar da zamaninta, ko kuma an haɗa ayyukan mutum fiye da ɗaya an jingina wa suna guda. Sai ki ƙara da cewa littattafan biyu da takardar ta dogara da su duk an rubuta su ne bayan ta da daɗewa. Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a farkon ƙarni na 19 aka rubuta shi, Tarihin Kano kuma a ƙarshen ƙarnin aka tattara shi yadda muke da shi yanzu. Ke nan babu wanda ya gan ta da idonsa a cikin marubutan. Daga nan ki yi shiru, ki bar wasu su ɗora.

Ni dai a ra'ayina, wannan saɓanin bai isa ya sa a ce ba a yi Amina ba. Kano da Sakkwato da Zazzau wurare ne uku daban, kowanne da nasa masu riƙon tarihi, kuma duk sun san sunan. Da wuya a ƙagi mutum a gari uku. In kin yarda da ni ki faɗa, in ba ki yarda ba ki faɗi naki, ai abin da ake nema ke nan.

Magana ta biyu: sarauniya ce ko jagorar yaƙi? (shafi na 5)

Takardar ta ambaci cewa sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau da aka saba kawowa, alhali Bakwa Turunku na ciki. A nan ajin zai yi zafi, na san halin samarin ajinku. Wani zai ce ai wannan ya nuna ba ta taɓa yin sarauta ba, wata ta taso ta ce maza ne suka share sunanta. Kada ki shiga lokacin da ake ɗaga murya. Ki jira a ɗan lafa, sannan ki ce:

"Ina ganin tambaya biyu muka haɗa wuri guda. Ko ta hau gadon sarauta, wannan daban. Ko ta riƙe iko har ana kawo mata gaisuwa daga wasu ƙasashe, wannan ma daban. Jerin sarakuna tambayar farko kawai yake amsawa."

In aka nemi hujja, tana shafi na 6, na ja miki layi da jan biro. Tarihin Kano ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nupe, ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ki mayar da lissafin yadda 'yan aji za su gan shi a ido: ƙwaryar goro ɗari ce, ke nan ƙwarya 100 aka ɗauko tun daga Nupe, a zamanin da ba mota sai jaki da kan mutum. Wanda ba shi da iko ba a yi masa irin wannan aike. Wannan ɗan lissafin naki ne, babu shi a takardar, kuma shi za a tuna ki da shi.

Akwai abin da takardar ta wuce da sauri wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Zazzau ce ta kudu a cikin Hausa Bakwai, ta nan fatake suke bi zuwa Nupe da sauran ƙasashen kudu. Saboda haka yaƙin da ake ba da labari yana da alaƙa da riƙe hanyar fatauci. In kin ga hira ta koma jarumtaka kawai, ki tambaya: "Me Zazzau ta samu daga waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma su waɗanda aka ci da yaƙi yaya suke ba da labarin?" Tambaya ce mai nauyi, domin a cikin ganimar akwai bayi, kuma ya kamata ɗalibin tarihi ya iya ambaton haka ba tare da ya rage wa garinsu daraja ba.

Magana ta uku: ganuwa (shafi na 7)

Nan kin fi yawancin 'yan ajin, musamman waɗanda suka zo karatu daga wasu garuruwa suna zaune a Samaru ko Tudun Wada. Ke kullum ta Ƙofar Gayan kike fita. Kin san inda ganuwar ta rage tudu, kin san inda ta zaizaye har awaki na hawa, kin ga inda aka ɗebi ƙasarta aka yi tubali. Ki faɗi abin da kike gani, ba mai ƙaryata ki. Sannan ki haɗa shi da karatun: ana kiran ganuwowi da yawa a ƙasar Hausa "ganuwar Amina", wai duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi. Amma Tarihin Kano ɗin nan dai shi ya ce an fara ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, tun kafin kowanne daga zamunan biyu da ake ba Amina. To ashe ba ita ta fara gina ganuwa ba. Abin tambaya shi ne me ya sa aka ɗora mata sunan.

In kin ji kin saki jiki, ki kawo abin da Hajiya Iya take faɗa mana da daddare, da kirarin nan na "Amina 'yar Bakwa ta san rana", da labarin ƙanwarta Zariya da aka ce garin ya ci sunanta, da tasowa daga Turunku zuwa Kufena. Sai dai ki bayyana cewa daga bakin kakarki kika ji. Malam zai yaba da kin bambance abin da aka ji da abin da aka karanta.

Labarin nan na cewa tana kashe namiji a kowane gari, tabbas wani zai jefo shi don a yi dariya. Ba dole ki tanka ba. In aka tambaye ki, ki ce abin da takardar ta ɗauko daga littattafan biyu babu wannan a ciki, sai a tambayi inda ya samo asali.

Yadda za ki shiga

Ki zauna a layi na biyu ko na uku kusa da Maryam, kada ki koma can baya inda sai kin ɗaga murya. Ki ɗaga hannu a cikin minti goma na farko, domin in kika jira, zuciya za ta yi ta raya miki cewa an riga an faɗi naki. In kuwa har wani ya riga ki, ba a yi asara ba, ki ce "Ina so in ƙara a kan abin da ɗan'uwa ya faɗa," ki kawo lambar shafi da shekarun, tunda da wuya ya kawo su. Malam za ki kalla, ki manta da sauran. In murya ta yi rawa ki ci gaba, na bayanki ba sa jin rawar kamar yadda kike jin ta. In kuma kan ya ɗauke gaba ɗaya, ki duba takarda ki karanta, ba laifi ba ne a aji.

Kada ki shiga da wannan doguwar takardar. Ki yanki rabin shafi ki rubuta abu huɗu da manyan baƙi: Dauda 1421 zuwa 1438 da 1576, jerin sarakuna, goro ƙwarya 100, Gijimasu da Ƙofar Gayan. Ki saka shi a cikin takardar Malam daidai shafi na 3.

Gobe Litinin bayan sallar isha'i ki same ni a ɗaki, zan zama Malam, ki yi mini tambayar farko da ƙarfi har sai ta zauna a bakinki. Ki zo da takardar da jan biron, akwai wuri a shafi na 8 kan rasuwarta a Atagara da nake so mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.

Yayarki,
Bilkisu