Takarda Mai Jan Hatimi

Malam Lawal na cikin auna wa wata yarinya sukari ne mai babur ya tsaya a ƙofar shagon, ya miƙo mashi ambulan, ya ce ya sa hannu a littafi. Ranar Talata ce, bayan azahar, zafin Katsina ya kori mutane daga titin Ƙofar Marusa. Ya sa hannu bai ko duba ba. Sai da yarinyar ta tafi ya farke ambulan ɗin.

Turancinsa na ciniki ne, bai kai na takardar gwamnati ba. Amma lamba ba ta buƙatar tafinta: naira 1,850,000, harajin shekara 3. Ƙasa da ita an rubuta kwana 30, an buga jan hatimi. Ya dubi buhunan shinkafa huɗu da katan-katan na taliya da jarkokin mai da ke shagon, ya lissafa, ya ga ko da ma'auni da benci aka haɗa ba za su biya kuɗin ba. Gumi ya keto mashi. La'asar ɗin ranar, bai san raka'a nawa ya yi ba.

Kafin magariba labari ya zaga layin. Mai shayi ya ce ya kwashe kayan da dare ya kai gidan ɗan'uwanshi a Jibiya, in sun zo su tarar da kango. Telan da ke kusa ya ce ya san wani da ya san wani a ofishin, dubu 50 kawai za a ba shi takardar ta ɓace. Kowa da maganinsa, kuma kowane magani ya fi ciwon tsada.

A gida Hajara ta ajiye mashi tuwo ya huce bai taɓa ba.

"Malam, ko dai ba ka jin daɗi ne?"

"Shago za su rufe mani," ya ce, ya jawo littafin makarantar ɗansa ya yage fallen tsakiya. Har ƙarfe ɗaya na dare yana rubutu da hasken waya. Ya kira su azzalumai, ya ce Allah ya isa sau uku, ya ce in sun isa su zo su tarar da shi. Da ya gama sai ya ji sanyi kaɗan a ransa, amma barci bai zo ba.

Da safe Hajara ta ce, "Kafin ka kai wannan, ka biya ta wurin Kawu Mamman. Shekara 35 ya yi yana akawu, ai ya san bakin takarda."

Ya same shi a zaure, can wajen Gobarau, yana sauraron rediyo. Bayan gaisuwa ya miƙa mashi takardun biyu, hannu na rawa. Dattijon ya sa tabarau, ya fara da ta Lawal. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta, ya tura ƙarƙashin tabarma.

"Wannan ta yi aikinta, ta fitar maka da zafi. A nan za ta kwana. To, tasu, ka karanta ta duka?"

"Na ga kuɗin, Kawu."

"Kuɗin ka gani. Zauna da kyau."

Ya bi ta layi-layi yana fassarawa, a hankali kamar mai biya wa yaro allo. Kuɗin nan, in ji shi, ƙiyasi ne. In mutum bai kai bayanin abin da ya samu a shekara ba, doka ta ba ma'aikatan haraji dama su kintata da kansu. Kwana 30 ɗin kuma dama ce aka ba shi ya rubuta cewa bai yarda ba, ya faɗi dalili. In ya yi shiru har suka wuce, ƙiyasin ya zauna, ya zama bashi a wuyansa.

"Da ka gudu Jibiya, da ka sa wa kuɗin nan hannu da kanka," ya ce. Sai ya ɗora yatsa kan wani layi. "Nan sun ce shago biyu gare ka."

"Biyu? Ai na babbar kasuwa na sake shi tun 2022, da haya ta fi ƙarfina."

"Ka shaida masu?"

Lawal ya yi shiru.

"To yaya za su sani? Kuma haraji a kan riba yake, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa aljihunka ba. Kana da rasit?"

Yana da su. Hajara ba ta yar da takarda, komai ƙanƙantarta. Tana tara su a tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Daren nan su uku suka baje su a tabarma, shi da ita da ɗansu Bashir mai aji biyar na sakandare. Rasit ɗin dillalan shinkafa gefe guda, na haya gefe guda, na wuta gefe guda. Suka sami takardar da mai shagon kasuwa ya rubuta ranar da aka mayar mashi da mabuɗi. Suka sami rasit ɗin harajin shekara biyu da ya biya a banki ya manta. Na shekara ta uku ne babu, domin bai biya ba.

"Wannan mu yi shiru da ita," ya ce wa Kawu washegari.

"A'a. Ita za mu fara faɗa. Wanda ya amsa abin da ake bin sa, shi ake saurare in ya musanta saura."

Kawu ya ce shi Lawal zai faɗi maganar da bakinsa, Bashir ya rubuta, sannan a mayar da ita Turanci. Sau biyu muryarsa na tashi, sau biyu dattijon na ɗaga hannu: "Wannan jimlar, hujja ce ko haushi?" A ƙarshe abin da ya rage bai cika shafi ba:

"Ranka ya daɗe, na karɓi takardarku ranar Talata 4 ga wata, mai ƙiyasin naira 1,850,000. Ina sanar da ku cikin girmamawa cewa ban yarda da ƙiyasin ba. Shago ɗaya gare ni. Na biyun na sake shi a 2022, ga shaida. Na biya harajin shekara biyu, ga kwafin rasit. Na amsa cewa ban biya na shekarar ƙarshe ba, kuma a shirye nake in biya bisa ribar da ke cikin lissafin da na haɗo. Ina roƙon a sake duba ƙiyasin."

"Ka yi kwafi biyu," Kawu ya ce. "Su karɓi ɗaya, su buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. Rasit na asali kada ya bar hannunka. Kuma ko kwabo kada ka ba kowa a hannu, banki ake biya."

Ranar Litinin ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi. A bakin ƙofar ofishin ƙafarsa ta yi nauyi, ya tsaya ya yi bisimilla. Matar da ke teburin karɓar wasiƙu ta amsa sallamarsa, ta ƙirga takardun, ta buga hatimi. Ya dubi hatimin, ja ne, irin wancan da ya hana shi barci.

Mako uku aka yi kafin a kira shi. Jami'in ya yi tambayoyi masu yawa, ya ƙi karɓar wasu kuɗaɗen da Lawal ya sa a lissafin shago, ya ce cefanen gida ne. Zuciyarsa ta taso, ya ji kalmomin daren nan sun zo har bakinsa. Ya haɗiye, ya ce, "Yallaɓai, nuna mani layin, in duba." Aka nuna mashi. Biyu daga ciki jami'in ne ke da gaskiya, ɗaya kuwa Lawal ya ciro rasit, aka mayar mashi. Aka tsaya a kan naira 96,000 har da tarar jinkiri, ya roƙa aka yarda ya biya kashi uku. Kuɗi ne masu ciwo. A watan bai saro mai ba.

Da yamma yana jera sabulu sai ga telan ya shigo ba sallama, fuska a murtuke, riƙe da ambulan.

"Malam Lawal, ni ma sun kawo mani! Wallahi yanzu zan je in..."

Lawal ya jawo mashi benci, ya leƙa waje ya ce wa mai shayi ya kawo kofi biyu.

"Yaushe ka sa hannu ka karɓa?"

"Jiya."

"To saura kwana 29. Miƙo ta mu fara daga layin farko."